Lambar Ɗakin da Ba a Soke Ba

A ƙasan benen da ɗalibai ke kwana akwai allon sanarwa, tsakanin ƙofar shiga da matakala, inda babu mai shiga ko fita sai ya wuce ta gabansa. Rabinsa a buɗe yake, kowa na iya lika abin da ya ga dama: mai sayar da keke, mai neman abokin zama, mai cigiyar safar hannu. Ɗaya rabin kuwa yana cikin gilashi da ɗan kwaɗo, kuma mabuɗinsa na hannun matar ofis, wata dattijuwa mai faɗin kafaɗa da ke yawo da tarin makullai a ƙugu.

Auta ta zo ƙasar ne da tallafin karatu, kuma shekararta ta farko ta koyon harshe ce kawai. A gida ita ce mai karanta wa kowa takardar asibiti da saƙon waya. A nan kuwa sai ta tsaya gaban allon nan kamar ba ta taɓa shiga aji ba. Wasu haruffan sun yi kama da waɗanda ta sani, amma ba haka ake furta su ba. Abin da kawai ya biyo ta daga gida bai canza ba shi ne lambobi. Don haka ta riƙe lambar ɗakinta, 314, kamar yadda ake riƙe hannun babba a kasuwa.

Ɗakin ƙarami ne: gado, tebur, kabad, da taga mai kallon wurin ajiye motoci. A cikin kabad ɗin ta tarar da ƙaramin murhun lantarki da wanda ya zauna kafin ita ya bari. Akwai kicin na kowa da kowa a ƙarshen baranda, amma kullum cike yake da masu hira da dariya cikin harshen da ba ta ji, kuma idan ta shiga sai wani ya yi mata tambaya ta tsaya tana murmushi kamar wawiya. Saboda haka wata rana da hantsi ta rufe ƙofarta, ta jona murhun, ta ɗora tukunya.

Man da ta zuba bai gama zafi ba ƙararrawar gobara ta ɗauka. Ƙara ce mai shiga har cikin haƙori. Ta fizge wayar murhun daga bango, ta naɗe shi da tawul da zafinsa, ta cusa ƙarƙashin gado. A baranda mutane na ta fita, ita ma ta bi su. Suka tsaya a waje cikin sanyi, matar ofis na tafe tana duban fuskoki tana rubutu a takarda. Da ta iso kan Auta sai ta ɗan tsaya, ta dube ta, ta rubuta wani abu. Auta ta ɓoye yatsanta da ya ƙone a cikin aljihu.

Da aka koma ciki ne ta lura da takardar. Tana cikin gilashi, da manyan haruffa ja, da hoton harshen wuta a sama, da hatimi a ƙasa.

Da yamma ta kira yayanta.

"Yaya, na yi ɓarna."

"Tun yanzu? Ko wata biyu ba ki yi ba. Wa kika mara?"

"Ba wasa nake ba." Ta ba shi labari, tana magana ƙasa-ƙasa kamar bangon na jin Hausa.

"To gidan ya ƙone?"

"A'a."

"An kama ki?"

"Ba a kama ni ba tukuna. Amma sun manna takarda."

"Me takardar ta ce?"

"Ban iya karanta ta ba."

"Au," in ji shi, "malamar gidanmu ba ta iya karatu ba? Bari in gaya wa Inna a mayar da ke aji ɗaya."

"Kada ka gaya wa Inna komai. Yaya, in suka kore ni daga gidan nan ina zan je? Ban san kowa ba. Tallafin nan ɗakin nan kaɗai ya ba ni."

Sai muryarsa ta sauka. "To ki kwantar da hankalinki. Ki yi shiru, kada ki kai kanki. Wanda bai ce shi ne ba, ba shi ba ne."

Ta ɗauki shawarar da hannu biyu. Daga ranar ta daina bin babbar matakala, wadda ke sauka daidai ƙofar ofis. Ta gano wata ta baya mai warin fenti, tana bi ta nan, sai ta leƙa ta ga ƙofar ofis a rufe kafin ta matso kusa da allon.

Ta gwada ɗaukar jar takardar da wayarta don ta fassara mata. Hasken fitila ya faɗo kan gilashin ya cinye rabin rubutun, kuma masu rubuta sanarwa suna gajarta kalmomi, su sa ɗigo, su wuce. Abin da wayar ta ba ta shi ne: "Wuta. Dukan mazauna. Wajibi. Za a duba." Ta karanta sau uku.

Bayan 'yan kwanaki sai ga wata takarda a gefen ta farko. Wannan fara ce, ba ja ba hoto. Layi huɗu na rubutu a sama, ƙarƙashinsu kuma lambobin ɗakuna a jere. Idonta ya gangara da kansa har ya tsaya a kan 314. Wayar ta ce: "Mazauna. Tsawo. Ofis. In ba haka ba, ɗaki babu kowa."

Ɗaki babu kowa. Wannan kam ba ta buƙaci a yi mata bayani ba.

Washegari ta ga an soke wasu lambobin da shuɗin biro, layi ɗaya miƙaƙƙe a kan kowace. Jibi an ƙara. Ta tuna makarantarsu ta kwana a gida, inda sunan mutum ba ya hawa allo sai ya yi laifi, kuma idan abu ya ɓace ana kiran 'yan ɗaki ɗaya bayan ɗaya har a rage saura mai shi. Ta ce a ranta: haka suke yi a nan ma. Suna tambayar mutane, wanda ya wanku a soke shi.

Maƙwabciyarta wata doguwar yarinya ce daga wata ƙasa dabam, wadda ta riga ta zuwa da zango ɗaya. Auta na kiranta Doguwa a zuci. Ba su da harshe ɗaya sai guntayen wannan sabon da suke koyo. An soke lambar Doguwa tun da wuri, don haka Auta ta tare ta a baranda, ta ja ta har gaban allon, ta nuna.

"Ke. Wannan. Me?"

Doguwa ta nuna ofis, ta yi alamar rubutu a tafin hannu. "Na je. Na rubuta. Ƙare." Sai ta ga 314, ta zaro ido. "Ke ba je ba? Je. Je yau."

"Tambaya? Mata tambaya?"

"Tambaya kaɗan. Suna, ɗaki." Ta ƙara wata doguwar magana da Auta ba ta kama ko kalma ɗaya ba, ta dafa kafaɗarta, ta wuce da kwandon wankinta.

Wato har rubuta bayani ake sa mutum. Auta ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado, dunduniyarta na taɓa tawul ɗin da ke ƙasa.

Ba ta yarda ta kai wa malamarsu ta harshe takardar ba, don malama ma'aikaciyar makaranta ce, kuma ma'aikata bakinsu ɗaya. Sai ta yi dabara. Kullum ta kwafi kalma ɗaya ko biyu daga allon a bayan littafinta, harafi bayan harafi, ta je ta nema a ƙamus. Da yawa ba ta same su ba. Ta kai wa malama ɗaya, ita kaɗai, ba tare da 'yan'uwanta ba.

Malama mace ce mai haƙuri, mai magana a hankali kamar tana jera ƙwai. Ta dubi kalmar, ta sa yatsa ta rufe ƙarshenta. "Kalmominmu suna canza wutsiya," ta ce. "Ƙamus ba ya ajiye wutsiya. Ki cire, ki nemi jikin." Da aka cire, sai ga kalmar da Auta ta sani tun makon farko: ɗaki.

Da wannan ta samu "mazauni", ta samu "sa hannu", ta samu "kafin". Ta gane cewa takardar da ke da hatimi ita ce ta hukuma, mai yagaggun geza da lambar waya kuwa talla ce. Ta gane suna fara rubuta rana kafin wata, kuma agogonsu na takarda ba ya komawa ɗaya bayan sha biyu, yana wucewa har ashirin da huɗu. Amma kalmomin nan kamar tsakuwa suke a hannunta, ba ta san yadda za ta gina su ba. Kuma kowace ta samu, sai tsoro ya karɓa ya ajiye ta inda yake so. Sa hannu: a kan takardar amsa laifi. Kafin: kafin a kira hukuma.

Lambobin suka yi ta raguwa. Shafin ya cika da shuɗin layi, farare 'yan kaɗan suka rage a warwatse.

Ranar Laraba da azahar tana zaune tana bitar darasi ta ji ƙarar makullai a baranda. Ta san ƙarar. Takun ya zo ya tsaya a ƙofarta. Aka ƙwanƙwasa.

Auta ta ɗora hannu a baki. Littafin na kan cinyarta, ba ta yarda ta motsa ba don kada takarda ta yi ƙara. Aka sake ƙwanƙwasawa, aka kira sunanta, an karya shi yadda mutanen nan ke karya shi. Tana ganin inuwar takalma ta ƙarƙashin ƙofa. Ta san a cikin tarin makullan nan akwai na ɗakinta. Ta ƙura wa hannun ƙofar ido tana jiran ya juya, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta ba tare da sauti ba. Inuwar ta daɗe, sannan ta janye. Ko da takun ya ɓace, ta jima kafin ta sauke hannunta.

Ranar nan da ta kira gida, Inna ce ta ɗauki wayar.

"Auta, muryarki ba ta yi mini ba. Kina cin abinci?"

"Ina ci, Inna. Sanyi ne."

"Mutanen gidan suna kula da ke? Ki riƙa gaishe su. Ko ba ki iya yarensu ba, gaisuwa ba ta ɓata."

"Ina gaishe su," in ji ta, ta rufe ido.

Ranar Juma'a da safe malama ta lura da ita. Bayan an tashi ta tsayar da ita, ta nuna bayan littafin da ya cika da kalmomi ɗai-ɗai.

"Daga ina kike tsinto waɗannan?"

"Bango," in ji Auta.

"Sanarwa?" Malama ta gyaɗa kai, ba ta tambayi wace ba. Ta ɗauki alli ta zana murabba'i a allo. "Sanarwa ba labari ba ce, ba a fara ta daga farko. Ki fara daga ƙasa. Nan, kusa da hatimi: wa ya rubuta, kuma yaushe ya rubuta. Sai ki hau sama: da wa yake. Sannan tsakiya: me yake so a yi, zuwa yaushe. Kwanan wata biyu za ki gani. Ƙaramin na ƙasa ranar rubutawa ce. Babban na tsakiya ranar abin ne. Kin gane?"

"Na gane."

"Idan kin amsa waɗannan, sauran kalmomin ado ne."

Auta ta dawo gida da sauri, iska na yanka mata kunne. Ƙofar ofis a rufe take. Ta tsaya gaban gilashin, ta fara da jar takardar, daga ƙasa kamar yadda aka ce.

Ga hatimi. Ga ƙaramin kwanan wata. Ta duba, ta sake dubawa, ta ƙirga da yatsa. An rubuta takardar nan mako guda kafin ta taɓa murhun. Ta hau tsakiya: babban kwanan watan shi ne ranar da ƙararrawa ta yi ƙara, ga kuma lokacin a gefensa, da hantsi. Babu wanda zai rubuta ranar gobara kafin gobara. Kalmar da ke kusa da hoton wutar ta cire mata wutsiya, sai ta ga ita ce malama ke rubutawa a saman aikin aji: gwaji. Takardar tana nan tun kafin ranar, ita ce dai ba ta gan ta ba sai da ta tsorata.

Ashe ba murhunta ne ya tayar da ƙararrawar ba. Amma daɗin bai kai ciki ba, don farar takardar na nan, kuma lambobi uku kacal suka rage ba a soke ba.

Daga ƙasa: ofishin gidan. Sama: zuwa ga mazauna waɗannan ɗakuna. Tsakiya: kalmar nan da wayar ta kira "tsawo". Ta rufe wutsiyarta da yatsa a kan gilashin, ta furta ta a hankali. Bakinta ya gane ta kafin kanta. A ɗakin karatu ne, ranar da ta mayar da littafin da ba ta gama ba, mai kula da littattafai ya furta wannan kalmar da alamar tambaya, ya buga sabon kwanan wata a ciki, ya miƙo mata shi ta koma da shi. Ƙara wa'adi.

Sai layukan huɗu suka tashi tsaye a gabanta. Duk wanda ke son ya ci gaba da zama a ɗakinsa zango mai zuwa, ya zo ofis da kansa, da fasfo da katin ɗalibi, ya sa hannu. Wanda bai zo ba, an ɗauka ba ya so, za a ba wani ɗakin. Babban kwanan watan na yau ne.

Ta juya ga ƙofar ofis. Akwai 'yar takarda a jikinta da ba ta taɓa tsayawa ta duba ba: ranaku a hagu, lokuta a dama. Layin Juma'a ya fi sauran gajarta. Yanzu hutun cin abinci ne, za a buɗe na ɗan lokaci, a rufe har Litinin.

Ta hau ta babbar matakala da gudu, ta ɗauko fasfo da kati, ta sauko ta tsaya a bakin ƙofar. Tsayuwar nan ta fi komai wuya. Ta san abin da takarda ta ce, amma tsoro bai sake ta ba. In fa ta karanta ba daidai ba? In fa an riga an ba wani? Ta ji makullai daga nesa, ta matse fasfon da hannu biyu, ta hana ƙafarta juyawa.

Matar ofis ta iso da kofi a hannu. Ta dubi Auta daga sama har ƙasa.

"Ina wuni," in ji Auta cikin harshensu. Sannan ta faɗi abin da ta shirya: "Ɗari uku da sha huɗu. Na zo ƙara wa'adi."

Matar ta saki wani dogon numfashi, ta buɗe ƙofa, tana faɗa tana ajiye kofin. Auta ba ta ji duka ba, amma ta kama "ƙofa", ta kama "Laraba", ta ga matar ta ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsu tana harararta. Sai matar ta rage gudu, kamar mai magana da ƙaramin yaro.

"Na neme ki. Ina kika shiga? Akwai masu jiran ɗaki. Da Litinin ta yi, shi ke nan."

"Ban iya karantawa ba," in ji Auta.

"Yanzu fa?"

"Kaɗan."

"Kaɗan ya isa. Zauna."

Ta buɗe fasfon, ta gwada hoton da fuskar, ta kwafi lambar katin, ta juyo da takarda ta nuna wuri biyu. Auta ta sa hannu. Matar ta buga hatimi, ta ba ta kwafi ɗaya. Sannan ta zaɓi ƙaramin mabuɗi daga ƙugunta, ta ɗauki shuɗin biro da wata sabuwar takarda, ta yi mata alama ta biyo ta. A gaban allon ta buɗe gilashin, ta ja layi a kan 314, ta manna sabuwar takardar a ƙasa, ta rufe, ta koma.

Auta ta tsaya ta karanta sabuwar, daga ƙasa. An rubuta yau. Zuwa ga dukan mazauna. Mako mai zuwa za a zagaya ɗakuna. Akwai hotuna uku, kowanne da jan layi a kansa: kyandir, sigari, da ƙaramin murhun lantarki. Layin ƙarshe ya ɗauke ta lokaci, har sai da ta buɗe ƙamus sau biyu: wanda ke da irin waɗannan ya kawo ofis a ajiye masa.

Ta hau ɗaki, ta durƙusa, ta jawo tawul ɗin. Murhun ya bar masa baƙin zobe. Tana saukowa da shi a rungume ta haɗu da Doguwa a matakala. Doguwa ta dubi murhun, ta dubi Auta, ta tuntsire da dariya.

"An hana," in ji ta, da kalmar da ke kan allon.

"Na sani," in ji Auta. "Na karanta."

"Kicin. Yau. Ni, ke."

Auta ta gyaɗa kai, ta ci gaba da sauka kafin a rufe ofis.